Me ke kumbura batirin waya, kuma me ya sa ba ya gyaruwa?

Alamar farko ba ta da hayaniya. Murfin bayan waya ya ɗan ɗago ta gefe ɗaya, har ana iya zura farce a tsakani. Ko a ajiye wayar a kan tebur a ga tana rawa, ba ta zauna daram ba. Wani lokaci fuskarta ce za ta fara fitar da wani farin tabo a tsakiya, kamar an danna ta da yatsa daga ciki. Da yawa daga cikin masu waya abin da suke yi shi ne su kai wa mai gyara su ce a sa musu gam a manne murfin, wasu ma kyauro suke ɗaurawa su ci gaba da harkarsu. Gam da kyauro ba su taɓa matsalar ba, domin abin da ke tura murfin iskar gas ce da ta taru a cikin batirin, kuma taruwarta shaida ce cewa sinadaran da ke ciki sun fara ruɓewa.

Za mu tsaya ne a kan batiri iri ɗaya, wato shimfiɗaɗɗen batirin litiyam mai jakar leda da ke cikin wayoyin zamani, da kwamfutocin hannu, da yawancin fawa banki sirara. Shi ne ya fi kumbura a fili, kuma shi ne ke kwana a ƙarƙashin matashin kan mutane.

Abin da ke cikin jakar

Idan aka warware batirin waya (abin da bai kamata a yi a gida ko a shago ba), ba za a ga wani dunƙulallen abu ba. Dogayen falle ne sirara aka naɗe kamar tabarma, ko aka jera su ɗaya bisa ɗaya. Falle na farko na alminiyam ne da aka shafe shi da garin sinadarin litiyam da kobalt, shi ne ɓangaren da ke da alamar tarawa. Na biyu na jan ƙarfe ne da aka shafe da girafait, irin baƙin da ke cikin fensir, shi ne ɓangaren da ke da alamar ɗebewa. A tsakaninsu akwai wata leda mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Kaurinta bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na milimita ba, wato ta fi silin gashi siranta sau da yawa. Aikinta ɗaya ne: ta bar ƙwayoyin litiyam su wuce, amma ta hana fallayen biyu taɓa juna. Wannan ledar ce kaɗai ke tsakanin waya mai aiki da gobara.

An jiƙa dukkan waɗannan da wani ruwa, wanda ba ruwan sha ba ne ko kaɗan. Gishirin litiyam ne, LiPF6, aka narkar a cikin wasu sinadarai masu kama wuta kamar fetur. Sannan aka sa komai a cikin jakar alminiyam mai rufin leda, aka zuƙe iskar ciki, aka liƙe bakin da zafi. Shi ya sa sabon batiri yake da tauri kamar allo duk da cewa jakarsa mai laushi ce: rashin iska ne ya matse fallayen ya haɗe su.

A lokacin caji, litiyam yana barin fallen alminiyam ya ratsa ruwan ya shige cikin girafait. A lokacin amfani kuma ya komo. Girafait yana ɗan buɗewa da kusan kashi 10 cikin 100 idan ya cika da litiyam, ya kuma tsuke idan ya fita, don haka kowane batiri yana ɗan numfashi a kullum, kuma masu ƙera waya suna barin ɗan fili saboda haka. Wannan ba shi ne kumburin da muke magana a kai ba. Numfashin caji ido ba ya ganinsa, kuma yana komawa. Kumburin gas ba ya komawa.

Inda iskar take fitowa

Gaskiyar da ke ƙarƙashin komai ita ce ruwan batirin ba ya jituwa da wurin da aka sa shi. Ƙarfin lantarkin da ke jikin girafait mai cike da litiyam ya isa ya farfasa shi. Abin da ke ceton batirin shi ne, tun a cajin farko a masana'anta, ɗan kaɗan daga ruwan yakan farfashe ya zama wata siririyar fata a jikin girafait ɗin, fatar kuma ta tare sauran ruwan. Wannan farfashewar ta farko tana fitar da gas, shi ya sa masana'anta ke barin wani ɗan aljihu a gefen jakar, gas ɗin ya taru a ciki, a zuƙe shi, a yanke aljihun, a sake liƙewa. Wato kowane batiri ya taɓa kumbura sau ɗaya kafin ya bar masana'anta, a lokacin da ake da injin cire iskar. Bayan nan babu sauran ƙofa.

Fatar nan ba ta dawwama. Duk buɗewa da tsukewar girafait tana tsattsaga ta, sabon ruwa ya shiga tsagar, ya farfashe ya cike gurbin. Kowane irin wannan faci yana cin ɗan litiyam da ɗan ruwa, yana kuma sakin ɗan gas, galibi etilin da kabon monoksaid da mitan. Litiyam ɗin da ya maƙale a facin ba zai sake ɗaukar caji ba har abada. Saboda haka raguwar ƙarfin batiri da kumburinsa 'yan uwa ne na jini. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an tsara batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace shi su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1000, a yanayi mai kyau. Wanda ke ƙarar da batirinsa kullum zai cinye 500 ɗin nan cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi.

A ɗaya ɓangaren, na kobalt, matsalar cika ce. A duba jikin batirin waya, za a ga an rubuta lambobi biyu: 3.85V ko makamancinsa, sai kuma iyakar caji, 4.4V ko 4.45V. Tsofaffin batura 4.2V suke tsayawa. Masu ƙerawa sun ɗaga iyakar ne don su ƙara cusa caji a cikin ƙaramin wuri, amma idan batiri yana kan wannan ƙololuwar, fallen kobalt yakan zama mai cin ruwan da ke jikinsa, yana mayar da shi kabon dayoksaid. Awa ɗaya ko biyu batiri yana cike a kashi 100 ba wani abu ba ne. Awa 15 a kullum, wata da watanni, shi ne abin da ke cika jakar.

Sai zafi, wanda shi ke hura wa duk waɗannan wuta. Ƙa'idar da masana sinadarai ke amfani da ita wajen kintace ita ce, ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin irin wannan ruɓewar sau biyu. Batirin da ke zaune a digiri 45 yana tsufa kusan sau huɗu fiye da wanda ke digiri 25. Yawancin baturan nan an rubuta musu cewa a yi cajinsu tsakanin digiri 0 zuwa 45, kuma Apple na cewa a yi amfani da iPhone a wurin da zafinsa bai wuce 35 ba. To a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, iskar gari kanta tana haura 40 a watannin Afrilu da Mayu, tun kafin a jona caja, wadda ita ma za ta ƙara wa batirin nata zafin. Wayar da aka bari a gaban gilashin mota da azahar kuwa ta wuce duk wata iyaka da aka rubuta.

Akwai hanya ta huɗu da mutane ba su cika zato ba: batirin da aka manta da shi babu caji. Tsohuwar wayar da aka jefa a durowa tana mace, batirinta zai ci gaba da zubewa a hankali har ya yi ƙasa da 2.5V. Idan ya gangara sosai, fatar kariyar girafait ta narke ta saki gas, jan ƙarfen fallen kuma ya fara narkewa a cikin ruwan. Shi ya sa ake buɗe durowa bayan shekara a tarar da wayar da ba wanda ya taɓa ta ta kumbura. Idan mai gyara ya ɗauko irin wannan batirin ya tilasta masa wuta kai tsaye da injin teburinsa don ya “tashe shi”, jan ƙarfen da ya narke yakan sake daskarewa a inda bai kamata ba, har ya haɗa fallayen biyu ta cikin leda. Batirin zai iya tashi ya yi aiki, amma da shot a ɓoye a cikinsa.

Danshi ma yana da nasa rabon. Idan bakin jakar bai liƙu da kyau ba, kamar yadda ake samu a baturan jabu masu araha, ko aka ɗan karce jakar wajen gyara, danshin iska zai shiga ya haɗu da gishirin LiPF6. Abin da ke fitowa shi ne HF, wani asid mai cin fata da ƙarfe, tare da iskar haidurojin. Sabon batirin da ya kumbura cikin wata biyu ko uku, ba tsufa ba ne, ko dai aikin masana'anta ne bai yi kyau ba ko an ji masa rauni wajen sa shi.

Misali guda, daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki wayar mai shagon POS, mai batirin da aka rubuta 5000mAh da 3.85V. Shagon kwantena ne mai rufin kwano. Wayar ita ke raba wa na'urar cire kuɗi intanet, don haka daga ƙarfe 8 na safe zuwa 9 na dare tana jone da caja, tana cikin kauri-kaurin rigar roba, tana kan kantar shagon inda rana ke leƙowa da hantsi. Abubuwa uku sun haɗu a nan: batiri a cike kullum, aiki mai ɗumama waya, da ɗaki mai zafi. Mai gyaran da ke son ganin gaskiyar lamarin zai iya jona wayar Android da kwamfuta ya buga:

```
adb shell dumpsys battery
```

A cikin abin da zai fito akwai layin `temperature` da layin `voltage`. Na farko ana raba shi da 10, don haka 440 na nufin digiri 44. Na biyu kuma 4380 na nufin 4.38V. Batirin da ke wuni a kan irin waɗannan lambobi biyu, a tare, yana cikin yanayi mafi muni da za a iya sa shi ba tare da an fasa shi ba.

Yanzu mu auna. Batiri irin wannan faɗinsa kamar santimita 6.5 ne, tsawonsa 8.5, wato fuskarsa kusan murabba'in santimita 55, kaurinsa kuma kusan milimita 5. Idan tsakiyarsa ta tashi zuwa milimita 7, iskar da ta taru ba ta wuce mililita 5 zuwa 10 ba, cokalin shayi ɗaya ko biyu ke nan. Abin mamaki ne a ce wannan ɗan mitsitsin ya ɓalle murfin da aka manne da gam mai ƙarfi, amma lissafin a fili yake. Idan matsin iskar cikin jakar ya ɗara na waje da kashi 10 cikin 100 kacal, to a kan faɗin nan na murabba'i 55 yana turawa da nauyin kilo 5 da rabi, dare da rana, babu hutawa. Gam ɗin da zafi ya riga ya tausasa ba zai jure wannan ba. Idan murfin baya ya ƙi sakewa, ƙarfin zai koma ta gaba ya ɗaga fuskar wayar ko ya tsaga ta.

Sai mu duba abin da ke ajiye a ciki. 5000mAh sau 3.85V ya ba da 19.25Wh. Wannan ya isa ya ɗauki kofin ruwa na mililita 200 daga ɗumin ɗaki ya kai shi bakin tafasa. A amfani na yau da kullum wayar tana tsotsar wannan ƙarfin ne a hankali cikin yini guda. Idan fallayen biyu suka haɗu, yana fita ne cikin daƙiƙoƙi, a wuri mai faɗin tafin hannu, kuma ban da shi akwai ruwan da gas ɗin da za su kama da wuta su ƙara nasu.

Abin da kumburin ke nufi a ciki

Kumburin ba adon waje ba ne kawai. Da gas ya shiga tsakanin fallayen, matsin nan da ya haɗe su ya tafi. Inda kumfar gas ta zauna, wurin ya bushe, litiyam ba ya iya wucewa. To amma caja ba ta san da haka ba, wutar da ta saba turawa ita take turawa, sai duk ta taru a sauran wuraren da ke jiƙe. Girafait ɗin wurin ya kasa shanye litiyam da saurin da yake zuwa, sai litiyam ɗin ya daskare a samansa a matsayin ƙarfe tsantsa, wani lokaci da siffar ƙananan allurai. Ƙarfen litiyam yana cin ruwan batirin da sauri, ya ƙara gas, gas ya ƙara busar da wani wuri. Shi ya sa kumburi kan fara a hankali sannan ya yi gudu. Alluran kuma suna girma ne suna fuskantar ledar nan mai raba tsakani, wadda yanzu ta yamutse saboda fallayen sun motsa.

Wasu alamomi kan biyo baya: waya ta mutu tana kan kashi 30, ko caji ya yi tsalle daga 40 zuwa 70 cikin 'yan mintuna, ko bayanta ya riƙa ɗumi ko da ba a aiki mai nauyi. Amma kada a jira su. Lambar lafiyar batiri da waya ke nunawa, kamar wadda ke ƙarƙashin Battery Health a iPhone, ƙarfin riƙe caji take aunawa, ba ta ganin gas. Tana iya nuna 85 alhali murfin ya ɗago.

Idan allura ko matsi ko huda ta haɗa fallayen, wurin zai yi zafi nan take, kuma daga nan matakan suna bin juna. Daga wajen digiri 90 zuwa 120 fatar girafait ta fara wargajewa tana fitar da nata zafin. A wajen 130 zuwa 165 ledar tsakani ta narke, shot ɗin ya faɗaɗa. A kusa da 200 sinadarin kobalt ya fara sakin iskar oksijin daga jikinsa, wato wutar ta samu abin shaƙa daga cikin batirin kansa, zafin kuma ya haura digiri 600. Shi ya sa rufe ta da bargo ba ya kashe ta kamar yadda yake kashe wutar risho.

Wanda ke ganin ɗan matsi ba komai ba ne, ya tuna da Galaxy Note 7. A 2016 Samsung ya janye wayoyin kusan miliyan 2.5 saboda kama wuta, kuma a bayanin da ya fitar a Janairun 2017, ɗaya daga cikin dalilan shi ne jakar batirin ta yi wa abin da ke cikinta kaɗan a kusurwa ɗaya, har gefen fallen ya lanƙwashe. Sababbin batura ke nan, daga babban kamfani, kusurwa ɗaya tak. Sai a kwatanta da tsohon batirin da ya kumbura, aka sa matsi aka danne murfinsa don gam ya kama.

Ba kowane batirin da ya kumbura ke kamawa da wuta ba, yawancinsu ma ba sa kamawa. Jakar da ta kumbura aikinta take yi, ta riƙe gas mai guba da kama wuta ba ta bar shi ya fita ba. Abin da ya sa ake ritayar da shi shi ne babu wata hanyar da mai waya ko mai gyara zai leƙa ciki ya san saura nawa tsakanin allura da leda.

A nan ne ya zama dole a yi magana a kan wata muguwar dabara da ake yaɗawa, wai a soke jakar da allura a fitar da iskar, a liƙe da salatif, batiri ya koma daidai. Allurar ƙarfe ce, kuma fallayen suna nan ƙasa da milimita ɗaya daga jakar. Ko an yi sa'a ba a taɓa su ba, an shaƙi gas ɗin, an kuma buɗe wa danshi ƙofa, salatif kuwa ba ya tare danshi. Ruwan da ya zama gas bai dawo ba, litiyam ɗin da ya daskare yana nan. Sa batirin a firij ma haka: iskar za ta ɗan tsuke da sanyi, ta dawo da ya huce, kuma raɓa ta kwanta a jikinsa.

Yadda ake sauke shi

Abu na farko, a cire caja, kuma kada a sake jonawa ko da na minti biyar ne don a kwashe hotuna. Kwashe bayanai ta igiyar kwamfuta ma caji ne, gara a tura su ta intanet ko a cire katin ajiya. A cire rigar roba idan tana fita ba tare da an lanƙwasa wayar ba. Wayar ba ta ƙara shiga aljihu, ba ta kwana a ɗakin barci.

Sai a duba wane hali take ciki. Idan ta yi zafi ba a aiki da ita, ko tana wari mai zaƙi-zaƙi irin na sinadarin goge jan farce, ko ana jin ƙara kamar tsaki, ko kumburin na ƙaruwa ana kallo, a kashe ta idan hannu zai iya, a fitar da ita tsakar gida a kan siminti ko ƙasa, nesa da janareta da jarkar fetur da tukunyar gas da labule, a ja da baya. Warin nan yana nufin jakar ta riga ta fashe. Idan kuwa kumburi ne kawai, babu zafi babu wari, a bar ta a kunne a kan siminti, a inuwa, a gaban ido, cajin ya sauka da kansa zuwa ƙasa da kashi 25. Batirin da ya kusa ƙarewa da wuya ya yi mummunar wuta ko da an ji masa rauni, dalilin ke nan da tun 2016 dokar sufurin sama ta hana ɗaukar baturan litiyam a matsayin kaya idan cajinsu ya wuce kashi 30. Kada a sa ta wasa ko bidiyo mai nauyi don ta yi saurin ƙarewa, zafi za a ƙara mata.

Cirewa aikin mai gyara ne, kuma mai gyaran kirki a Farm Centre ta Kano ko kowace kasuwar waya ya kamata a ga bokitin ƙarfe mai busasshen yashi a gefen teburinsa. Ya sa tabarau da safar hannu, ya yi aikin inda iska ke kaɗawa. Kada ya gasa wayar a farantin ɗumama ko ya hura mata iska mai zafi kamar yadda ya saba wajen buɗe murfi, sau da yawa kumburin ya riga ya buɗe masa hanya. Da ya buɗe, ya fara cire soket ɗin batirin da abin roba. Idan akwai kunnen gam da ake ja, ya ja shi a hankali a kwance. Idan ya tsinke, ya ɗiga sifirit mai ƙarfin kashi 90 ko fiye a gefen batirin, ya jira minti biyu ko uku gam ya saki, sannan ya zura faffaɗan katin roba. Sukundireba da hantsaki da reza ba su da gurbi a wannan aikin. Yawancin baturan da ke tashi da wuta a teburin gyara, a daidai nan suke tashi, lokacin da aka sa ƙarfe ana ɓanɓara, ko aka lanƙwasa batirin don gam ya ƙi saki.

Da ya fita, a naɗe bakin soket ɗinsa da baƙin salatif na lantarki, a kwantar da shi a gwangwanin ƙarfe a kan yashi mai kaurin yatsa uku, a rufe shi da wani yashin, a ɗora murfi ba tare da an danne ba, don kada gwangwanin ya zama abin fashewa idan gas ya fita. Batiri ɗaya ba ya taɓa ɗan uwansa. Gwangwanin ya zauna a inuwa, a waje, inda ruwan sama da yara ba sa kaiwa. Shawarar da ake bayarwa ta jiƙa shi a ruwan gishiri ba abin dogaro ba ce: gishirin yakan cinye kunnen alminiyam ɗin da wuta ke fita ta cikinsa kafin cajin ya ƙare, sai a zauna da batirin da ke da sauran wuta a ciki ana zaton ya mutu, ga kuma gurɓataccen ruwa.

Idan ya kama wuta duk da haka, kada a ɗauke shi da hannu, kada a tsaya a hayaƙin, domin akwai HF da kabon monoksaid a cikinsa. A fitar da mutane, a kashe soket idan akwai abin da ke jone. Ga batiri ƙarami irin na waya, ruwa mai yawa yana aiki, domin sanyaya shi ake so, kuma abin da ake koya wa ma'aikatan jirgin sama ke nan. Yashi yana tare wutar daga yaɗuwa amma ba ya sanyayawa. Bayan ta mutu a bar shi a waje kwana guda, musamman na kwamfuta mai batura uku ko huɗu a jere, wanda ɗaya kan kunna na kusa da shi bayan an ɗauka komai ya wuce.

Inda za a kai shi daga ƙarshe shi ne wurin da muke da rauni. Bola ba wurinsa ba ce, saboda ana cinna mata wuta, kuma yara masu tsince-tsince da 'yan gwangwan suna fasa abin da suka samu da dutse ko guduma don su ga ko akwai ƙarfe. Masai da kwata ma ba wurinsa ba ne. A Najeriya hukumar kula da muhalli ta NESREA ce ke da alhakin wannan fanni, kuma a 2024 aka fitar da dokar kula da batura wadda ta ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da su nauyin karɓar matattun. Akwai kamfanoni masu lasisin sarrafa sharar lantarki, irin su Hinckley da ke Legas, amma wuraren karɓa ba su wadata a Arewa ba. Abin da ya fi sauƙi ga mai waya shi ne ya canza batirin a cibiyar gyara ta kamfanin wayarsa ya bar musu tsohon, ya kuma tambaye su inda suke kaiwa. Ƙungiyoyin masu gyara a kasuwanni su ne suka fi dacewa su tanadi duro ɗaya mai yashi a bayan kasuwa, su tara, su kira mai lasisi ya kwashe, maimakon kowane shago ya riƙa cika kwali da kumburarrun batura a ƙarƙashin tebur kusa da abin walda.

Sabon batirin da aka sa wa mai POS ɗin nan zai bi sawun na farko idan wayar ta koma inda take. A cire mata rigar roba lokacin aiki, a ɗauke ta daga kan kantar shagon zuwa inda rana ba ta kaiwa, a kuma kunna iyakar caji idan wayar tana da ita: Battery protection a wayoyin Samsung, ko Charge Limit a iPhone 15 da na bayansa, waɗanda ke iya tsayar da caji a kashi 80. A wannan matakin batirin yana zaune ne a kusa da 4.1V maimakon 4.4V, ƙasa da inda fallen kobalt ke cin ruwansa da sauri. Idan wayar ba ta da wannan, sai a cire caja idan ta kai 80 a mayar idan ta sauko 30. Wayar da za a ajiye na watanni kuma a bar ta a kan kashi 50, a kashe, a riƙa duba ta duk bayan wata uku zuwa shida ana ɗan ƙara mata.